Fitilar sola ta shigo shagonmu: fashin baƙi a kan sauƙin kuɗi da tsawon haske

Daga wannan mako mun fara sayar da fitilar sola ta gida, wadda ta ƙunshi faranti ɗaya mai ƙarfin wat 6, da akwatin batir, da ƙwayayen fitila uku kowanne da wayarsa da makunninsa, da kuma kafar cajin waya. Abu biyu duk mai sayar da irin wannan kaya yake faɗa wa jama'a, wato za ta rage musu kashe kuɗi, kuma za ta ba su haske idan an ɗauke wuta. Duka maganganun biyu gaskiya ne, amma kowacce tana da iyaka, kuma na lura cewa yawancin rigimar da ke tasowa tsakanin mai saye da mai sayarwa daga rashin bayyana wannan iyaka take farawa. Na yi shekaru ina gyaran fitilu masu caji da tocila kafin na shiga sayarwa, don haka na ga ya fi dacewa in buɗe wannan ciniki da lissafi, kowa ya duba ya ga ko kayan ya dace da gidansa kafin ya fitar da kuɗinsa.

Ba sai na tsaya bayyana wa mutanen arewa mece ce ɗaukewar wuta ba. A watan Oktoba na 2024, bayan an lalata layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna sannan ɗaya layin da ke tallafa masa shi ma ya samu matsala, jihohin arewa da dama sun shafe fiye da mako guda a cikin duhu. 'Yan'uwanmu na Nijar sun ga nasu a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take tura musu bayan juyin mulki. Waɗannan su ne manyan da aka ji a rediyo. Wadda ta fi cin aljihu ita ce ta yau da kullum, wadda ake ɗauke wuta dab da magariba, a daidai lokacin da uwargida take ƙoƙarin sauke tuwo, yara suna neman inda za su buɗe littafi, ba kuma wanda ya san lokacin dawowarta.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar fitilar sola ita ce a ɗauke ta kamar randa. Farantin da ke kan rufi shi ne mai ɗebo ruwa da rana, batir shi ne randar, ƙwayayen fitila da wayar da ake cajawa kuma su ne masu sha da daddare. Ba za a sha abin da ya wuce wanda aka zuba ba, kuma komai ƙwazon mai ɗebo ruwa, randa ba ta ɗaukar abin da ya fi cikinta. Ma'aunin da ake auna wannan ruwa shi ne wat-awa, wato ƙarfin abu a ninka shi da yawan awannin da ya yi yana aiki. Ƙwan fitila mai wat 1 idan ya yi awa 5 a kunne ya sha wat-awa 5. Wanda ya riƙe wannan ma'auni guda ɗaya zai iya bincika duk wani alkawari da aka rubuta a jikin kwali.

Mu fara da abin da ke shiga. Rana tana fitowa kimanin awa 12, amma faranti ba ya samun cikakken ƙarfinta sai daga hantsi zuwa bayan azahar, domin da safe da yamma a karkace haskenta yake sauka. Idan aka tattara hasken yini guda a ƙasar Kano da kewayenta, yakan yi daidai da awa 5 zuwa 6 na cikakkiyar rana. Mu ɗauki ƙaramin adadin domin kada mu yaudari kanmu. Faranti mai wat 6 a awa 5 ya kamata ya ba da wat-awa 30, sai dai ba duka ke isa batir ba. Zafi yana rage ƙarfin faranti, waya tana cin nata, na'urar da ke daidaita caji ita ma tana cin nata, ga ƙura. Idan aka cire kusan kashi uku cikin goma saboda waɗannan, abin da ya rage wat-awa 21 ne a rana mai kyau.

Sai randar kanta. A jikin batirinmu an rubuta 3.2V da 6000mAh. Wannan adadi na biyu shi ne wanda masu talla suka fi son nunawa saboda yana da sifiri da yawa, amma shi kaɗai ba ya faɗin komai sai an haɗa shi da na farko. A raba 6000 da 1000 a samu 6, a ninka da 3.2, sai a samu wat-awa 19 da 'yan ɗigo. Wannan shi ne cikin randar. Na'urar da ke kare batir ba ta barin a kwashe shi ƙarƙaf, domin hakan yana kashe shi, saboda haka abin da mai gida zai iya amfani da shi a zahiri kimanin wat-awa 17 ne. Za a ga cewa abin da faranti ke kawowa ya ɗan ɗara cikin batir, kuma da gangan aka yi haka, domin a rana mai kyau batir ya cika kafin la'asar.

Yanzu lissafin dare ya zama mai sauƙi. Kowane ƙwai yana cin wat 1 idan an sa shi a mafi haskensa. Idan aka kunna ukun gaba ɗaya, ɗaya a ɗaki, ɗaya a tsakar gida, ɗaya a madafa, za su yi awa biyar da rabi, wato daga ƙarfe bakwai na yamma har a wuce sha biyun dare. Idan biyu ne za su haura awa takwas. Idan ƙwai ɗaya ne tak, zai kwana a kunne har gari ya waye da saura. Makunnin yana da mataki na rage haske, kuma a matakin ƙasa ƙwan yana cin abin da bai kai rabi ba, wanda ya isa mai jego ko mai jinya ya bar shi a kunne har asuba. Idan kuka ga an rubuta a kwalin wata fitila cewa tana yin awa 30 ko 40, to yawanci wannan matakin na ƙasa ake nufi, da ƙwai ɗaya, ba hasken da za a iya karatu da shi ba.

Dangane da ƙarfin hasken, ƙwai mai wat 1 na wannan zamani yana ba da kimanin lumen 100, alhali kyandir ɗaya bai wuce lumen 12 ko 13 ba. Ke nan ƙwai ɗaya ya kai kyandir bakwai ko takwas a kunne tare, ba hayaƙi, ba kuma fargabar labule ko katifa su kama. Ya isa ɗaki madaidaici a ga fuskar juna, a ci abinci, yaro ya yi karatu idan an rataye ƙwan ƙasa-ƙasa kusa da shi. Bai kai hasken babban ƙwan da wutar NEPA ke kunnawa ba, kuma ba zai haskaka babban zaure ko filin biki ba.

Inda lissafin ke rikicewa shi ne cajin waya, kuma a nan nake so in daɗe, domin daga nan mafi yawan ƙorafi ke fitowa. Ƙaramar waya mai madannai batirinta bai wuce wat-awa 4 ba, don haka cajinta ba ya girgiza randar. Babbar waya ta shafawa kuwa, wadda aka rubuta wa batirinta 3.7V da 5000mAh, tana ɗaukar kusan wat-awa 19, wato daidai da cikin batirin fitilar gaba ɗaya. Ko daga rabi aka cika ta, idan aka haɗa da abin da ke salwanta a hanya, ta sha wat-awa 11 ko 12. Abin da zai rage wa dare wat-awa 5 ne ko 6, wanda ƙwayaye uku za su cinye kafin awa biyu ta cika.

Kafin mu buɗe ciniki mun ba wasu maƙwabta fitilun domin gwaji, cikinsu har da wani mai shayi da ke bakin titinmu. Shi buƙatarsa ƙwai biyu ne daga magariba zuwa sha biyun dare, ɗaya a saman tebur inda burodi da gwangwanayen madara suke, ɗaya a wajen kaskon suyar ƙwai. Awa shida sau wat biyu wat-awa 12 ne, fitilar ta ishe shi har da rara. Kwana huɗu sai ga shi ya shigo shago da akwatin batir a hammata, ya ce, "Malam, wannan abin naka fa bai kai ƙarfe tara ba yake mutuwa." Na ce, "Maigida, wa yake caji a jikinsa?" Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce yaronsa yana sa wayarsa da yamma kafin su fito da tebur, kuma akwai wani ɗan acaba da ba a iya hana shi. Na ɗauko takarda na yi masa lissafin da na yi a sama. Shawarar da muka yanke ita ce a riƙa cajin waya tsakanin sha ɗaya na safe da ƙarfe biyu, lokacin da faranti ke kan ganiyar aikinsa kuma akwai sauran rana da za ta mayar da wani abu daga abin da aka ɗiba, sannan daga la'asar a cire wayar caji a ɓoye ta. Ko da haka, babbar waya ɗaya a yini ita ce iyaka, kuma ba daga mutuwa zuwa cika ba. Gidan da ke da manyan wayoyi uku ko huɗu, kuma yake son ya caja su duka kullum, ya fi masa ya ƙara kuɗi ya sayi mai babban faranti da babban batir.

Mu koma ga maganar sauƙin kuɗi. Akwai wani abu da masu talla ba sa son faɗa, wato fitilar sola kusan ba ta rage kuɗin wutar NEPA ko kaɗan. Ƙwayaye uku a awa 5 kullum na tsawon wata guda sun sha wat-awa 450, abin da bai kai rabin yunit ɗaya na mita ba. A watan Afrilu na 2024 an ɗaga farashin yunit na 'yan rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, zuwa naira 225. Ko da wannan farashi mai tsada, hasken da fitilar ke bayarwa a wata na kimanin naira 100 ne kawai. Wanda ya sayi fitilar domin ya rage kuɗin mita zai yi shekara fiye da talatin bai mayar da kuɗinsa ba. Wanda kuwa ba shi da mita, ana kawo masa takardar kuɗin wuta ta ƙiyasi, ba abin da zai ragu a takardarsa don ya rataye faranti a rufi.

Sauƙin yana fitowa ne daga kuɗin da mutum ke kashewa a cikin duhu, waɗanda saboda ƙananansu ba ya lissafa su. Farashi yana sauyawa daga gari zuwa gari, daga wata zuwa wata, don haka alƙaluman da zan yi amfani da su misali ne kawai, kowa ya cire su ya sa nasa. Mu ƙaddara fitilar ta tsaya a naira 40,000. Mu ɗauki gida mai tocila biyu, kowacce tana cin batir biyu a mako, a naira 500. Wannan naira 1,000 ke nan a mako, naira 4,000 a wata. A gidan akwai ƙananan wayoyi biyu da ake kai wa mai caji a naira 100 kowacce, sau goma a wata kowace waya, naira 2,000 ke nan. Jimla naira 6,000. Fitilar za ta iya ɗaukar wannan nauyi duka, domin ƙwai biyu a awa huɗu wat-awa 8 ne, sauran 9 kuma sun isa cika ƙananan wayoyin biyu ko da a rana ɗaya suka mutu. A raba 40,000 da 6,000, za a ga cewa kafin wata bakwai ya cika fitilar ta biya kuɗinta, daga nan kuma naira 6,000 ɗin a aljihu take zama. Ba mu sa kuɗin kyandir ko kananzir ba, ba mu kuma sa asarar wayar da ake musanyawa ko a sace batirinta a wajen caji ba.

Gida na biyu shi ne mai ƙaramin janareta. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, tayar da janareta ya daina zama abin da ake yi ba tare da tunani ba. Ƙaramin janareta yakan sha kusan rabin lita a awa, ko ƙwai biyu kaɗai yake kunnawa, domin injin yana cin mai don ya juya kansa ko da nauyin da aka ɗora masa kaɗan ne. Awa uku lita ɗaya da rabi ke nan, kuma idan lita tana naira 900, daren ya ci naira 1,350, ban da baƙin mai da kuɗin bakanike. Fitilar sola ba za ta maye gurbin janareta ba, tun da ba ta juya fanka, ba ta kunna talabijin, balle firji ko dutsen guga. Amma duk mai janareta ya san akwai dararen da ba don komai ake tayar da shi ba sai don a ga hanya a ci abinci, musamman a lokacin sanyi da ba a buƙatar fanka. Idan irin waɗannan darare goma ne a wata, naira 13,500 ta tsira, fitilar kuma ta biya kanta a wata uku. Akwai kuma abin da ba a sa masa farashi, wato hayaƙin janareta, wanda ke ɗauke da iskar da ba ta da launi ba ta da wari, kuma take kashe mutane a cikin barci idan an shigar da injin ɗaki ko lungu saboda tsoron ɓarayi.

Duk wannan lissafi ya dogara ne a kan abu ɗaya, wato fitilar ta rayu ta wuce watannin da za ta biya kuɗinta, kuma tsawon ran fitila a batirinta yake. Faranti mai kyau yana yin shekaru da yawa, ƙwai ma haka, batir ne ke tsufa. Iri uku ake samu a kasuwa. Akwai na darma, mai nauyi, wanda ke cikin yawancin fitilu masu caji na da, shi ne wanda idan an bar shi a mace na 'yan makonni ba ya sake tashi, kuma irinsa na fi cirewa a shekarun da na yi ina gyara. Akwai na litiyom irin na waya, wanda ake rubuta wa 3.7V, wanda yakan jure cikawa da saukewa sau 300 zuwa 500 kafin ƙarfinsa ya ragu sosai, kuma ga fitilar da ake sauke batirinta kowane dare wannan bai kai shekara ɗaya da rabi ba. Na uku shi ne wanda ake rubuta wa LiFePO4 da 3.2V, wanda ke kai wa sau 2,000 ko fiye, ya fi jure zafi, kuma da wuya ya kama da wuta. Shi ne a cikin fitilarmu, kuma shi ne dalilin da ya sa ta fi wasu tsada. Sau 2,000 a takarda ya haura shekara biyar, amma zafin Maris da Afrilu ba ya raga wa kowane batir, don haka ni shekara uku nake ce wa mutum ya sa a ransa. Ko a shekara ukun, gidan farko da muka yi misali da shi zai kashe naira 216,000 a batir da caji idan bai sayi fitilar ba. Akwatin batirinmu da sukurori aka ɗaure shi, ba liƙe shi aka yi ba, saboda idan batirin ya gaji a sauya shi kawai ba sai an jefar da faranti da ƙwayaye ba.

Tun da maganar zafi ta zo, wannan ne ya sa muka zaɓi mai faranti daban da batir daban. Ƙananan fitilun da farantinsu ke manne a bayansu suna da amfaninsu, musamman ga ɗalibi ko matafiyi, amma dole a ajiye su gaba ɗaya a cikin rana, batirin yana gasuwa yini guda a kan kwano. A tsarin da muke sayarwa faranti ne kaɗai ke waje, batir yana ɗaki a inuwa.

Kasuwa cike take da fitilun da aka rubuta wa 200W ko 300W, ana sayar da su ƙasa da farashin tamu, kuma wajibi ne in faɗi yadda ake gane gaskiyar wannan rubutu. Cikakkiyar rana tana sauke kimanin wat 1,000 a kan fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, faranti mai kyau kuma kashi ɗaya cikin biyar na wannan yake iya mayarwa lantarki. Ke nan faranti mai wat 200 na gaskiya sai ya kai girman fiye da rabin ƙofar ɗaki. Namu mai wat 6 ya ɗan gaza farar takardar fotokwafi. Idan aka nuna maka faranti mai girman littafin rubutu aka ce wat 200 ne, idonka ya isa ya ƙaryata maganar. Haka batir yake. Ƙwayar batir mai siffar yatsa da ake kira 18650, mafi kyawunta a duniya ba ta wuce kimanin 4000mAh ba, saboda haka duk wadda aka rubuta wa 9900mAh ƙarya ce, kuma idan ka ɗaga ta za ka ji ta sakayau, alhali ta gaskiya tana kai wa giram 45. Akwai wani shiri na duniya mai suna VeraSol, wanda ya gaji aikin gwajin inganci na shirin Lighting Global na Bankin Duniya, da ke gwada irin waɗannan kaya yana tabbatar da cewa abin da aka rubuta a kwali shi ne a ciki, kuma yana da kyau mai saye ya tambaya ko an gwada kayan da ake tallata masa. Amma gwajin da ya fi kusa da hannun kowa shi ne a bar faranti a rana kwana biyu ba tare da an kunna komai ba, sannan a kunna ƙwayaye duka a mafi haskensu, a duba agogo. Tamu ya kamata ta haura awa biyar. Idan sabuwa ce ta gaza awa huɗu da rabi, a dawo mana da ita.

Ba kowace rana ce rana mai kyau ba. A watan Agusta, idan hadari ya rufe sama yini guda, faranti zai iya kawo rabin abin da ya saba ko ƙasa da haka, kuma batirin nan na dare ɗaya ne, ba ya ajiye na gobe sai an rage amfani. A irin wannan rana dabara ita ce a kunna ƙwai ɗaya ko biyu, a haƙura da cajin babbar waya. Lokacin hunturu matsalar biyu ce, hazo yana tare rana a sama, ƙura kuma tana kwanciya a kan gilashin faranti. Ta farko ba yadda za a yi da ita, ta biyu kuwa tsumma mai laushi da ɗan ruwa ne maganinta, sau biyu a mako, da sassafe kafin gilashin ya ɗau zafi. Idan fitila ta fara mutuwa da wuri a watan Disamba ko Janairu, a hau a duba faranti kafin a zargi batir.

Wurin da aka ɗora faranti ma yana da tasiri fiye da yadda ake zato. A wannan yanki namu ana fuskantar da shi kudu, a ɗan jingine shi kaɗan yadda ruwan sama zai gangara ya wanke shi, ba a miƙe tsaye kamar allo a jikin bango ba. Inuwa ita ce babbar abokiyar gabarsa, domin ƙananan gidajen da ke cikin faranti a jere suke kamar sarƙa, idan inuwar reshen darbejiya ko ta tankin ruwa ta rufe guda ɗaya, sai ƙarfin sauran ya faɗi tare da shi. A duba wurin da hantsi, a sake dubawa da azahar da kuma kafin la'asar, kafin a buga ƙusa. Masu ajiye shi a bayan gilashin taga saboda tsoron sata suna asarar wani kaso mai yawa na hasken, gara a ɗaure shi da waya a kan rufi. Akwatin batir yana da ɗan haske da ke nuna caji yana shiga, kuma idan da tsakar rana bai kama ba, a bi wayar daga rufi zuwa ɗaki, domin sau da yawa ɓera ne ya ci ta, ko bakin kwano ya yanke ta, ko kuma kan da ake cusawa ya saki. Wanda zai yi tafiya mai tsawo ya bar batirin da caji, ya kashe makunni, kada ya ajiye shi a mace.

Game da biyan kuɗi, muna karɓar kuɗi hannu, muna kuma yarda da biya kashi-kashi ga ƙungiyoyin adashi da 'yan kasuwar da suka tsaya wa juna. Mai biya kashi-kashi ya tambayi jimlar abin da zai biya daga farko har ƙarshe, a nan ko a wani shago, domin kusan kullum ta fi farashin kuɗi hannu, kuma wannan jimlar ce ya kamata ya raba da abin da yake kashewa a wata, ba farashin da ke rubuce a kwali ba. Kowace fitila tana fita da rasit mai ɗauke da lambar da ke jikin akwatin batir da ranar saye, garantinmu kuma na shekara ɗaya ne a kan batir da ƙwayaye da na'urar caji. Bai shafi farantin da ya faɗo ya fashe ba, ko akwatin da ruwa ya shiga, ko wanda aka buɗe aka jona masa wani abu daban. Mai zuwa saye ya zo da amsar tambayoyi uku da za mu yi masa a bakin kanta, wato ɗakuna nawa yake son haskakawa, wayoyi nawa ne a gidan kuma wane iri, sannan nawa ya kashe a batir, kyandir, caji da man janareta a makon da ya wuce.